Ƙanƙara, firiza da dokar nan ta biyu: bayanin entirofi ga wanda silayid ya rikita

Duk wanda ya taɓa zama ajin injiniyarin, ko a Hassan Usman Katsina Polytechnic ne ko wata makarantar, ya san silayid ɗin nan da ake haskowa a darasin tamodainamiks, wato ilimin zafi da aiki. Malam zai nuno wani ɗan gajeren lissafi, ya ce wannan shi ne canjin entirofi, a ƙasa kuma a rubuta cewa jimillarsa ba ta taɓa raguwa, sai a wuce silayid na gaba. Ɗalibi ya kwafe, ya haddace, har ya ci jarabawa ma, amma in ka tsare shi ka ce to mene ne wannan abin da ba ya raguwa, kuma ina ruwanshi da inji, sai ka ga ya yi shiru. Abin yana damuna ƙwarai, domin dokar nan, wato doka ta biyu ta tamodainamiks, ba ta da wuyar da ake jingina mata, kuma kullum muna ganinta da idonmu a garin nan, musamman watan Afirilu lokacin da zafin Katsina ke kaiwa digiri 40 kowa na neman ƙanƙara. Don haka da ƙanƙarar zan yi bayanin, kilo ɗaya tak, daga narkewarta har zuwa yadda firiza ke sake haɗa ta.

Ga abin da ke kan silayid ɗin:

```
ΔS = Q / T
```

Q shi ne yawan zafin da ya shiga abu ko ya fita, ana auna shi da kilojul. T shi ne ma'aunin zafin wurin da aka yi wannan shiga ko fitar, amma fa da ma'aunin Kelvin, wato ka ɗauki digirin da muka saba ka ƙara 273. In zafi ya shiga abu entirofinshi ya ƙaru, in ya fita ya ragu. Wannan siffar mai sauƙi tana aiki ne idan T bai canza ba lokacin da zafin ke wucewa, shi ya sa ƙanƙara ta dace da mu, domin tana narkewa ne a digiri 0 kuma ba ta motsawa daga nan har sai ta gama zama ruwa.

Kafin mu taɓa lissafi, a fara gane abin da ya sa ake buƙatar doka ta biyu tun farko. Doka ta farko cewa ta yi makamashi ba ya ɓacewa kuma ba a ƙirƙirarshi, sai dai ya canza wuri ko ya canza kama. To ka ajiye ƙanƙara kilo ɗaya a ɗaki mai zafin digiri 40. Kafin ta narke gaba ɗaya sai ta sha zafi kilojul 334 daga iskar ɗakin, iska ta rasa 334, ƙanƙara ta samu 334, lissafi ya daidaita. Yanzu juya abin: ka ajiye ruwan sanyi a kwano a wannan ɗakin, sai ruwan ya tura kilojul 334 cikin iska shi kaɗai ya daskare. Nan ma ruwa ya rasa 334, iska ta samu 334, doka ta farko ba ta da abin cewa, a wurinta duka biyun daidai ne. Amma tun da aka halicci duniya ba wanda ya taɓa ganin na biyun ya faru. Ke nan akwai wata ƙa'ida daban da ke nuna ta wane ɓangare abubuwa ke tafiya, kuma ita ce Rudolf Clausius, wani Bajamushe, ya faɗa a 1850, cewa zafi ba ya tashi da kanshi daga abu mai sanyi ya koma mai zafi. A 1865 ya ba ma'aunin da ke ƙirga wannan abu sunan da muke amfani da shi yau, wato entirofi.

To mu ƙirga. Ƙanƙara tana digiri 0, wato Kelvin 273. Iskar ɗaki tana digiri 40, wato Kelvin 313.

```
+334 / 273 = +1.223 kJ/K
-334 / 313 = -1.067 kJ/K
ΔS = +0.156 kJ/K
```

Layin farko na ƙanƙara ne, na biyu na iska, na uku jimilla. Ka duba da kyau, zafin guda ne, 334 ɗin nan dai, amma da ya bar iska entirofin da ya tafi da shi 1.067 ne, da ya isa ƙanƙara kuma ya zama 1.223. An samu ƙarin 0.156 da ba daga ko'ina ya zo ba, a nan take aka haife shi saboda zafin ya gangaro daga wuri mai zafi zuwa mai sanyi. Nan ne entirofi ya bambanta da makamashi: shi makamashi ba a ƙirƙirarshi, shi kau entirofi ana ƙirƙirarshi kullum, abin da ba a iyawa shi ne a shafe shi. In ka juya lissafin don ruwan da zai daskare da kanshi, alamomin duka za su juya, jimilla ta fito -0.156, kuma wannan alamar ragin ita ce hukuncin cewa ba zai faru ba. Dokar ta biyu ke nan gaba ɗayanta, sauran duk bayani ne.

Mutane da yawa inda suke tsayawa shi ne, me ya sa ake rabawa da T? Ka ɗauki mudun gero guda. In ka kai shi gidan da ba su ɗora tukunya ba tun jiya, ya canza masu komai a ranar. In ka zuba shi a rumbun da ke cike, ba wanda zai lura. Mudun bai canza ba, inda ya faɗa ne ya bambanta. Haka zafi yake, kilojul ɗaya a wuri mai sanyi yana kawo canji babba, a wurin da dama ke da zafi canjin da yake kawowa kaɗan ne, rabawa da T ɗin nan ita ke ƙirga wannan bambancin.

Canjin mene ne kuma? A cikin ƙanƙara ƙwayoyin ruwa a jere suke, kowace tana da gurbinta, iyakarta ta yi ɗan kaɗawa a inda take. Da zafi ya shiga sai su saki juna, su riƙa zagayawa suna canza wuri, hanyoyin da za su iya kasancewa da hanyoyin da za su iya raba makamashin a tsakaninsu su yi yawa ba misali. Ludwig Boltzmann ne ya nuna a 1877 cewa entirofi ma'auni ne na yawan waɗannan hanyoyin. Shi ya sa ni ban cika son yadda wasu silayid ke cewa entirofi rashin tsari ne kawai su yi shiru ba, domin ɗalibi sai ya tafi da hoton ɗaki mai tarkace a kanshi, kuma hoton nan ba zai taimake shi ya warware tambaya ko ɗaya ba. Gara a ce mashi ma'auni ne na yadda makamashi ya bazu, kuma abin da ya riga ya bazu ba ya tattaruwa da kanshi.

Yanzu ga tambayar da duk mai hankali zai yi, to ai firiza tana daskarar da ruwa, kuma a cikin zafin nan na digiri 40 take yi, ta karya dokar ke nan? Ba ta karya ba, biya take yi, kuma daɗin abin shi ne za mu iya ƙirga kuɗin da dokar ta yanka mata. Firiza za ta cire kilojul 334 daga ruwan da ke digiri 0, entirofin ruwan ya ragu da 1.223. Dole entirofin iskar waje ya ƙaru da aƙalla 1.223 ɗin nan don kada jimilla ta zama ragi. Amma in 334 kawai ta zubar a iskar da ke Kelvin 313, abin da zai ƙaru 1.067 ne, bai kai ba. Kafin ya kai sai ta zubar da 1.223 sau 313, wato kusan kilojul 383. To ina za ta samo cikon 49 ɗin? Daga wutar lantarki, ta hannun kwamfuresa. Aikin kwamfuresa ke nan a idon dokar, yana ƙara wa zafin da aka kwaso yawa har ya isa biyan bashin entirofi a waje. Saboda haka firizar da ta fi kowace kyau a duniya, wadda ba ta da asara ko kaɗan, ba za ta daskarar da kilo ɗaya a wannan yanayin da ƙasa da kilojul 49 ba.

A silayid za ka ga an rubuta wannan da wata siffa:

```
COP_max = Tc / (Th - Tc) = 273 / (313 - 273) = 6.8
```

Tc ɓangaren sanyi, Th ɓangaren zafi, sakamakon kuma yana nufin kowane kilojul ɗaya na wuta zai iya kwashe zafi 6.8 in komai ya tafi daidai. Raba 334 da 6.8, ka ga 49 ɗin nan ta dawo. Magana ɗaya ce aka faɗa ta hanya biyu, kuma asalin wannan tunani na iyakar da inji ba zai wuce ba yana komawa ga Sadi Carnot, injiniyan Faransa, a 1824.

Abin da nake so a tsaya a kalla sosai shi ne ƙasan lissafin, Th - Tc, tazarar da ke tsakanin zafin waje da sanyin ciki. Lokacin hunturu, a ce iskar shago tana digiri 20, tazarar ta zama 20 maimakon 40, mafi ƙarancin wutar da ake buƙata ta sauko kusan kilojul 24 da rabi, rabin na bazara. Ke nan lokacin da mutane suka fi neman ƙanƙara, azumi ya faɗo cikin zafi ana layi da la'asar, shi ne daidai lokacin da haɗa ta ya fi tsada ko da injin lafiyarshi ƙalau. Masu sana'ar sun san haka a aikace, za su ce maka firiza ba ta kamawa da zafi, sau da yawa ma har a kira mai gyara a ƙara gas alhali ba abin da ya sami gas ɗin.

Firizar gaske kuma ba ta kusa da 6.8, kuma dalilin yana cikin wancan lissafin namu na farko. Zafi ba ya wucewa sai da tazara. Kafin zafi ya bar ruwan da ke digiri 0 ya shiga bututun ciki da sauri, dole bututun ya fi ruwan sanyi sosai, a ce digiri 20 ƙasa da sifili, Kelvin 253. Kafin kuma zafin ya bar kwandensa ya shiga iskar da ke digiri 40, dole kwandensar ta fi iskar zafi, a ce digiri 55, Kelvin 328. Kwandensa ita ce baƙin ragar nan da ke bayan firij, a yawancin firizar kwance kuma tana ɓoye cikin bangon jikinta, shi ya sa in ka dafa gefenta za ka ji ɗumi. To tazarar da kwamfuresa ke fama da ita ta tashi daga 40 ta koma 75, iyakar ta faɗo daga 6.8 zuwa wajen 3.4. A nan ma ba mu sa gogayyar ƙarfe a cikin kwamfuresa ba, ba mu sa zafin da wayoyin motarta ke yi ba, ba mu sa siririn bututun nan da gas ke matsewa ya wuce ƙarfinshi ya zube a banza ba. Kowane ɗaya daga cikinsu wurin haihuwar entirofi ne.

Mu ɗauka don lissafi cewa firizar wani mai ƙanƙara a Ƙofar Kaura tana ba da 2 bayan an cire duk wannan. Wutar da za ta ci a kan kilo ɗaya 334 raba 2, kilojul 167. Zafin da za ta zubar waje 334 da 167, wato 501.

```
S_gen = 501/313 - 334/273 = 0.377 kJ/K
W_lost = 313 × 0.377 = 118 kJ
```

S_gen shi ne entirofin da injin ya haifar, layi na biyu kuma shi ne wanda nake ganin ya kamata kowane malami ya daɗe a kanshi. In ka ninka entirofin da aka haifar da ma'aunin zafin waje, abin da ya fito shi ne wutar da ka biya ba tare da dole ba. Duba, 167 cire 49 ai 118 ne, daidai da abin da layin ya bayar. Ga injiniya ma'anar entirofi ke nan a aikace, duk inda aka haife shi akwai mai ko wuta da aka ƙona ba a samu komai ba, kuma aikinka shi ne ka gano ina ne ya fi yawa ka rage shi.

Daga nan shawarwarin da masu gyara ke bayarwa duk sai su zama suna da dalili. An manna firiza da bango, ko an jera guda huɗu gefe da gefe a ƙaramin shago mai rufin kwano ba taga, ko ƙurar hunturu ta lulluɓe kwandensa ba a goge ba, zafin ba ya samun hanyar fita, sai kwandensar ta ƙara zafi kafin ta iya tura shi. In ta tashi daga 55 zuwa 65, tazarar ta koma 85 daga 75, wutar da ake buƙata ta ƙaru da wajen kashi 13 cikin ɗari a kan ƙanƙara iri ɗaya. Alamar da za ka gani ita ce kwamfuresa tana ta aiki ba ta hutawa, jikin firizar ya yi zafin da ba ka iya barin hannunka a kai, ledojin da ke tsakiya kuma su kwana ba su kama ba. Ta ciki ma haka ne, in dusar ƙanƙara ta yi kauri a bangon ciki ta zama bargo tsakanin ruwa da bututu, dole bututun ya ƙara yin ƙasa, tazarar ta sake buɗewa ta wancan gefen. Ba cewa nake yi gas ba ya zuba ba, yana zuba, amma kafin a kai ga nan a fara jawo firizar daga bango a share ta a ga.

Akwai kuma ruwan da ake zubawa. Duk lissafinmu mun fara ne daga ruwan da ya riga ya kai digiri 0, alhali kafin ya kai nan kowane kilo sai an cire mashi kilojul 4.18 a kan kowane digiri ɗaya. Ruwan tankin roba da ya wuni a rana ya kai digiri 40 yana buƙatar a cire 167 kafin ma a fara daskarewa, jimilla 501 ke nan da an haɗa da 334. Wanda ya kwana a randa a inuwa ya tsaya a 25 kuma 105 ne, an rage wajen 63, kusan kashi ɗaya cikin takwas na duka aikin, kyauta. Ga mai haɗa kilo 100 a rana da ruwan da ke digiri 30, zafin da za a kwashe kilojul 45,900 ne, da firiza mai ba da 2 wuta kilojul 22,950, in ka raba da 3,600 ya ba ka yunit 6.4 a mita, banda zafin da ke kutsowa ta jikin firizar da duk buɗewar da yara ke yi. In da janareta ake yi to asarar ta ninku, domin shi ma dokar nan ta hana shi mayar da duk zafin fetur ya zama aiki, mafi yawanshi ta salansa da jikin inji yake fita.

Wannan lissafin dai shi ke amsa maganar masu buɗe ƙofar firij wai ɗaki ya yi sanyi. Ta gaba tana kwashe 334, ta baya tana zubo 501 a cikin ɗaki guda, ɗakin ƙara zafi zai yi da 167. Shi ya sa na'urar sanyaya ɗaki dole rabinta ya kasance a waje.

Ga ɗalibai kuma, kurakuran da ke cin maki a wannan babi ba su da yawa kuma kusan kullum su ne dai. Na farko mantawa da Kelvin, kuma ƙanƙara na saurin tona wannan, domin in ka sa digiri 0 a ƙasa ka raba da sifili ke nan, kalkuleta ma za ta ƙi. Mafi haɗari shi ne inda lambobin ba sifili ba ne, amsa ta fito kamar gaske alhali ba daidai ba ce. Na biyu shi ne ɗalibi ya ƙirga entirofin abu ɗaya, ya ga ya ragu, ya rubuta cewa ba zai yiwu ba. Ruwan da ke cikin firiza entirofinshi raguwa yake, kuma ba laifi, dokar a kan jimilla take magana, abin da kuma duk abin da ke kewaye da shi. ΔS na abu ɗaya yana iya zama ƙari ko ragi ko sifili, S_gen ne kaɗai ba ya zama ragi. Na uku, amfani da Q / T kai tsaye a inda T ke canzawa, kamar ruwan da ke sauka daga 30 zuwa 0, a nan sai an koma ga siffar da ke da logaridim, inda m nauyin ruwan ne, c shi ne 4.18 ɗin nan, T1 da T2 kuma zafin farko da na ƙarshe da ma'aunin Kelvin:

```
ΔS = m c ln(T2 / T1) = 1 × 4.18 × ln(273/303) = -0.436 kJ/K
```

Sai irin tambayar da malamai ke so, wadda kuma za ta yi maka amfani a kasuwa ranar da wani ya zo yana tallar inji. A ce wani ya yi iƙirarin firizarshi na daskarar da kilo ɗaya na ruwan digiri 0 da kilojul 30 kacal a ɗaki mai digiri 40. Ba sai ka kwance injin ba, ba sai ka san irin gas ɗin da ke ciki ba. Doka ta farko ta ba ka zafin da zai fita, 334 da 30, wato 364. Raba da 313 ka samu 1.163. Cire 1.223 na ruwan, ya rage -0.060. Ragi ne, don haka ko dai ma'auninshi ya yi kuskure ko ba gaskiya ya faɗa ba. Da 49 ya ce, S_gen zai fito sifili, wanda a takarda kaɗai ake samu. Da 120 ya ce, 454 raba 313 zai ba da 1.450, S_gen ya zama 0.227, wannan mai yiwuwa ne, sai ka nemi ya kunna ta a jona mita a gani.